"Ba mu labarin wannan aikin da ke CV ɗinka": yadda za ka amsa cikin minti biyu

1/
Na taɓa yin minti bakwai ina zuba a intabiyu kan manhajar da na gina da hannuna. Da na gama, mutumin ya ɗago kai ya ce, "To kai me ka yi a ciki?" Ban samu aikin ba. Yanzu ni ma ina zama a ɗaya ɓangaren teburin, kuma kuskuren nan nake ta gani. Zare 🧵

2/
Ra'ayina a taƙaice: zurfin saninka ba ya fitowa daga yawan abin da ka lissafo. Yana fitowa daga shawara ƊAYA mai wuya da ka yanke. Me ya matse ka, me ka zaɓa, me ka ƙi, kuma me zaɓin ya ci maka. Sauran duka ka bari sai an tambaya.

3/
Na san da Turanci za a yi intabiyun. Ba komai, tsarin ɗaya ne. Hasali ma in ba za ka iya yi wa abokinka bayanin aikin da Hausa ya gane ba, Turancin ba zai cece ka ba. Zan yi misalin da aikina, don kada ya zama maganar iska.

4/
Aikin: manhajar adashe ta wata ƙungiyar 'yan kasuwa. Mutum kusan 300, kowa na zubin ₦5,000 duk sati ta kati ko taransifa. Wani kamfanin biyan kuɗi ne ke karɓa, sai ya sanar da sabarmu, mu kuma mu rubuta wa mutum zubinsa. Mu biyu muka gina. Abokina ya yi fuskar manhajar, ni na yi saba da rumbun bayanai.

5/
Ga yadda na amsa a intabiyun da na faɗi:

"Mun yi amfani da React da Node.js da PostgreSQL, muka sa Docker, akwai shafin shiga, akwai na shugaba, akwai tura saƙon tes, da farko ma mun so mu yi da wani abu daban sai abokina ya ce…"

Haka na yi ta tafiya har minti bakwai.

6/
Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Matsalar ita ce wanda ya kalli darasi a YouTube sati biyu zai iya faɗin irinsa kalma da kalma. Sunayen kayan aiki suna cikin CV ɗin tuni, mutumin ya karanta. Karanta masa su da baki bai ƙara masa komai ba.

7/
Ka gane abin da mai tambayar ke nema. Abu uku ne yake son tabbatarwa: da gaske kai ka yi aikin? Ka san dalilin da ya sa ka yi shi haka? In abu ya lalace da dare, za ka iya gano inda ya lalace? Jerin suna ba ya amsa ko ɗaya daga ciki.

8/
Me ke jawo zubar? Bin tarihi. Muna fara labari daga ranar da aka kira mu, mu bi wata-wata. Aikin wata shida kuwa ba ya shiga minti biyu ta wannan hanyar. Ga kuma tsoro: kana jin in ka tsallake wani abu za a ce ba ka sani ba, sai ka kwaso komai har da tarkace.

9/
Maganin shi ne ka zauna tun a gida ka zaɓi wuri guda a aikin. Tambayi kanka: ina ne na yi abu, bai yi ba, na sake? Wurin da ka kwana biyu kana cizon yatsa, shi ne labarin. Wurin da komai ya tafi daidai tun farko babu abin faɗa a cikinsa.

10/
Nawa wurin ga shi. Wata Juma'a ma'ajin ƙungiya ya kira ni: manhaja na nuna ₦35,000 fiye da abin da ke banki. Kuɗin mutane ne, kuma sati mai zuwa akwai mai kwasa. In lissafi bai daidaita ba, amanar ta tafi, kowa zai koma littafi da biro.

11/
Na fara da tambayar rumbun bayanai ko akwai lambar biya da ta fito fiye da sau ɗaya:

```sql
SELECT reference, COUNT(*)
FROM payments
GROUP BY reference
HAVING COUNT(*) > 1;
```

Bakwai suka fito. Mutum bakwai, an rubuta wa kowa zubi sau biyu. 7 sau ₦5,000, ga ₦35,000 ɗin nan cif.

12/
Dalilin: idan an biya, kamfanin yana turo wa sabarmu sanarwa, abin da ake kira `webhook`, sai ya jira mu amsa da `200`. In amsar ta yi jinkiri, yana ɗauka ba mu ji ba, sai ya sake turowa. Wannan ba laifinsu ba ne, haka tsarin yake, gara a faɗa maka sau biyu da a ƙi faɗa maka.

13/
Laifin nawa ne. Na jera aikin haka: rubuta biya, ƙara wa mutum lissafi, tura masa saƙon tes, SANNAN na amsa `200`. Ranar da tura tes ya yi nauyi, amsata ta makara, sanarwa ta sake zuwa, sabata ta karɓe ta kamar sabuwa ta sake rubutawa.

14/
Gyarana na farko shi ne wanda kowa ke fara yi: kafin in rubuta, in duba ko lambar tana nan. In babu, in rubuta. A ido ya yi daidai. Sai na gwada shi da mugunta: na harba sanarwa guda sau 50 a lokaci ɗaya. Layi uku suka shiga maimakon ɗaya.

15/
Abin da ya faru rige-rige ne. Buƙatu biyu sun iso tare, kowacce ta duba ta ga babu, kowacce ta rubuta. Kamar masu karɓar kuɗi biyu su leƙa littafi lokaci guda, su ga ba a sa sunan Hajiya ba, duk su sa. Tsakanin dubawa da rubutawa akwai 'yar tazara, a nan ɓarnar ke shiga.

16/
Kuma ba a gwaji kaɗai hakan ke faruwa ba. Idan mutum ya gama biya, wayarsa na dawowa shafinmu mu tabbatar da biyan, a daidai lokacin da sanarwar kamfanin ke isowa ta ɗaya ƙofar. Ƙofa biyu, biya ɗaya, kusan daƙiƙa ɗaya.

17/
Zaɓi biyu na gani. Na farko, in sa makulli a Redis: duk wanda ya riƙe lambar, sauran su jira. Na biyu, in bar rumbun bayanan da kansa ya ƙi karɓar lamba sau biyu. Na ɗauki na biyu:

```sql
ALTER TABLE payments
ADD CONSTRAINT payments_ref_key UNIQUE (reference);
```

18/
Sai rubutun ya koma haka:

```sql
INSERT INTO payments (reference, member_id, amount_kobo)
VALUES ($1, $2, $3)
ON CONFLICT (reference) DO NOTHING
RETURNING id;
```

In layi ya dawo, biyan sabo ne, sai in ƙara lissafi. In bai dawo ba, maimaici ne, in amsa `200` in wuce.

19/
Rubuta biyan da ƙara lissafin na sa su tsakanin `BEGIN` da `COMMIT` guda, ko dai duka biyun su shiga, ko babu wanda ya shiga. Tura tes kuma na fitar da shi gefe, ya bi layi bayan na amsa. Na sake harba 50 ɗin. Layi ɗaya ya shiga.

20/
Me ya sa na ƙi Redis? Saba ɗaya muke da ita, ni kaɗai ke kula da ita. Redis ƙarin abu ne da zai iya mutuwa da dare. Kuma makullin yana da wa'adi: in aiki ya wuce wa'adin, makulli ya buɗe, rige-rigen ya dawo. Rumbun bayanai kuwa shi ne dama mai riƙe gaskiyar kuɗin.

21/
Duk wannan da na rubuta daga 10 zuwa 20, BA shi zan faɗa a intabiyu ba. Wannan shi ne abin da ke cikin kaina. In na juye shi duka, na koma minti bakwai, sai dai wannan karon da SQL. Abin da zan faɗa ga shi:

22/
"Manhajar adashe ce ta 'yan kasuwa kusan 300 da ke zubi duk sati. Mu biyu muka gina, ni na riƙe saba da rumbun bayanai. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne hana rubuta biya ɗaya sau biyu. Mun taɓa samun mutum bakwai da aka ninka wa zubi, lissafi ya haura banki da ₦35,000.

23/
"Na gano kamfanin biya na sake turo sanarwa ne saboda amsata na makara. Na fara da duba-kafin-rubutu, amma da na gwada da buƙatu 50 a tare, uku suka wuce. Sai na mayar da tsaron cikin PostgreSQL da `UNIQUE` a kan lambar biya, rubutu da ƙarin lissafi a dunƙule ɗaya.

24/
"Na duba makullin Redis na bar shi, saboda ƙarin abin kulawa ne ga mutum ɗaya, kuma wa'adinsa na iya ƙarewa ana tsakar aiki. Bayan gyaran, gwajin 50 ya ba da layi ɗaya. Rauninsa shi ne ya dogara da cewa lamba ɗaya biya ɗaya ce. In kuna so in shiga nan ko yadda na gano matsalar, bismillah."

25/
Shi ke nan. Karanta shi da ƙarfi, bai kai minti biyu ba. Duba abin da ke ciki: jimla ɗaya ta mene ne aikin, ɗaya ta rabona, sai matsala da adadinta, gyaran da bai yi ba, wanda ya yi, wanda na ƙi da dalili, yadda na auna, da inda yake da rauni.

26/
Duba kuma abin da babu: React, Docker, shafin shiga, tarihin yadda muka haɗu da shugaban ƙungiya. PostgreSQL da Redis kaɗai suka fito, su ma don suna cikin shawarar ne. Ƙa'idata: sunan kayan aiki ba ya shiga amsa sai da "saboda" a bayansa.

27/
Za ku ce ai akwai STAR, tsarin nan na yanayi, aiki, mataki, sakamako da ake koyarwa ko'ina. Yana da amfani, yana hana ka ɓata. Amma babu gurbin "abin da na ƙi" a cikinsa, kuma a aikin fasaha nan ne ake gane mai sani. Ka yi STAR ɗinka, ka cusa wannan a tsakiya.

28/
Dalili: wanda ya kwafi gyara daga intanet ya san hanya ɗaya tak. Wanda ya fahimci matsalar ya san biyu, ya san me ya sa ya bar ɗaya. Da na ji yaro ya ce "na duba kaza na bar shi saboda kaza", nakan gyara zama. Jimla ɗaya ce, amma ta fi min jerin suna goma.

29/
Gyaran da bai yi ba fa, ba tonon asiri ba ne? A'a. Shi ne shaidar kai ka yi aikin. Misali, `ALTER TABLE` ɗin can ƙin shiga ya yi da farko, saboda maimaitattun layukan bakwai na nan a ciki, sai da na share su na gyara lissafin masu su. Wanda bai taɓa yi ba ba zai san wannan ba.

30/
Sai maganar "mu". An tarbiyyantar da mu da kunyar yabon kai, shi ya sa bakinmu ke tafiya "muka yi, muka gyara". A gida ladabi ne. A intabiyu kuwa yana ɓoye ka, don ba ƙungiyarku za a ɗauka aiki ba. Wannan "mu" ɗin ne ya jawo min "to kai me ka yi a ciki?"

31/
Yadda nake yi: in faɗi "mu" sau ɗaya a farko, in ba abokina haƙƙinsa, in ce ga rabona. Daga nan "na gano, na gwada, na zaɓa". Ba fariya ba ce, faɗin gaskiya ne. Amma kada ka ce "na" a kan abin da wani ya yi. Tambaya biyu za a yi maka ka tsaya cak.

32/
Adadi ma haka. "Ya ƙara sauri sosai" ba magana ba ce. "Uku cikin 50 suka wuce, bayan gyara ɗaya" magana ce, don ana iya tambayarka yadda ka auna. In ba ka auna ba, ka ce ba ka auna ba, ka faɗi yadda da za ka auna. Kada ka ƙirƙiro kashi 80 cikin 100 a kan kujera.

33/
Na taɓa tambayar wani da ya rubuta ya rage jinkiri da kashi kaza, "daga nawa zuwa nawa, da me ka auna?" Shiru. Daga nan sauran CV ɗin ma sai na fara kallonsa da shakka. Da ya bar adadin gaba ɗaya, da ya fi masa.

34/
Ƙorafin da na fi ji: "In na taƙaita, ba za su ɗauka ban sani ba?" Akwai gaskiya a ciki. Wani mai tambayar ba ya bi da tambaya, takarda yake cikewa ya wuce. Shi ya sa amsar minti biyun dole ta tsaya da ƙafarta, da shawarar a ciki. Taƙaitawa ba ita ce "na yi manhajar adashe" ka yi shiru ba.

35/
Kuma shi ya sa nake rufewa da ƙofa biyu a buɗe. Na faɗi rauni, na ce ko mu shiga nan ko can. Yawanci sai a bi ɗaya, kuma duka biyun na shirya musu. Ka ga ni na zaɓi filin da za a gwada ni, maimakon a ɗauko Docker da na ambata a wuce, wanda sanina a kai bai taka kara ya karya ba.

36/
Wannan ma darasi ne: duk sunan da ya fita bakinka, ka ba da izinin a tambaye ka a kai. Mai zuba na minti bakwai ya buɗe ƙofa ashirin, uku kawai ya san abin da ke bayansu.

37/
Shirin bayan ƙofa: ga kowace jimla a amsarka, tambayi kanka "me ya sa?" har sau uku. Me zai faru in biyu suka iso tare? PostgreSQL na sa ta biyun ta jira ta farko ta gama, sannan ta ga lambar ta shiga, ta bari. In ta farkon ta fasa fa? Sai ta biyun ta shiga.

38/
In aka mayar wa mutum kuɗinsa, sanarwar ta zo da lambar biyan farko fa? Nan raunin yake: tsarina zai ɗauke ta maimaici ya watsar. Gyaran shi ne a ɗora `UNIQUE` a kan lamba haɗe da nau'in sanarwa. Ban gina wannan ba a lokacin, kuma haka nake faɗa.

39/
In aka kai ka inda saninka ya ƙare, ka ce "ban gwada wannan ba, amma ga inda zan fara dubawa." Mai tambaya na ci gaba da tonawa ne har ya taɓo ƙasa, kowa kuma yana da ƙasa. Abin da ake kallo shi ne yadda kake yi in an iso wurin: gaskiya ko kame-kame.

40/
"Ni fa aikina na kammala digiri ne, ko mai amfani ɗaya ba shi da shi." Ba matsala, kada dai ka kumbura shi. Ka koma ka matsa masa da kanka. Zuba masa layi 100,000 na gwaji, ka ga wane shafi ya yi nauyi. Harba masa buƙata ɗaya sau 50. Kashe intanet ana tsakar ajiya.

41/
Wani abu zai karye, tabbas. Ka gyara, ka rubuta yadda yake kafin da bayan. Yanzu kana da shawara ta gaske da za ka kare, kuma za ka faɗa a fili cewa gwaji ne ba masu amfani na gaske ba. Wannan ya fi min "cikakkiyar manhajar kasuwanci" da ba ta taɓa haɗuwa da matsala ba.

42/
Ka lura da wanda ke gabanka. In jami'ar ɗaukar ma'aikata ce, ba injiniya ba: "an ninka wa mutum bakwai zubi, na gano dalili, na toshe, na gwada." Ya isa. In injiniya ne, sai `UNIQUE` da Redis su fito. Labari ɗaya ne, zurfin kawai kake ragewa ko ƙarawa.

43/
Yadda za ka san kana zuba tun kana ciki: ka ji kanka ka ce "au, na manta ban faɗa ba", ko "kafin nan ma". Ko mai tambaya ya daina rubutu. Ko ka yi jimla uku babu "saboda" ko ɗaya. Da ka ga haka, tsallaka zuwa sakamako, ka rufe, ka yi shiru. Shirun ba naka ba ne ka cike.

44/
Gwaji kafin ranar: ɗauki muryarka a waya, ka sa agogo. Tura wa abokin da bai san aikin ba, ka ce ya faɗa maka abu biyu: mene ne matsalar, me ya sa ka zaɓi wannan gyaran. In ya kasa, ba ƙari amsar ke buƙata ba, ragi take buƙata. Kada ka haddace kalmomi, ka riƙe jerin kawai.

45/
Layin CV ɗin ma ka gyara shi ya dace. Nawa a da: sunayen kayan aiki biyar a jere. Yanzu cewa yake na toshe ninka biya a manhajar adashe ta mutum kusan 300, na tabbatar da gwajin buƙatu 50 a tare. Wanda ya karanta wannan, tambayar da nake so ita zai yi.

46/
Ku ɗauki aiki ɗaya daga CV ɗinku yau, ku rubuta min a ƙasa cikin jimla uku: me ya karye, me kuka zaɓa, me kuka ƙi da dalili. Banda sunan kamfani ko sirrin mutane. Zan bi in yi muku tambayar da mai intabiyu zai yi, gwargwadon yadda lokaci ya ba ni. Allah Ya ba da sa'a.